Yadda Na Dawo Da Akuyar Kakata Gida

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a lakwal, wato makarantar firamare, daga Dogon Kiriya zuwa Tibiri, har na yi ritaya a nan Dogon Dutsi. Da an tambaye ni abin da na iya a duniya, cewa zan yi magana da yara. Ashe cika baki ne. Yarinya 'yar shekara huɗu da rabi ce ta nuna mini iyakata, a kan tabarmata, da gatanar da na gada wurin kakata.

Jikata ce, ɗiyar ɗiyata ta fari. Uwarta na da ciki wata bakwai jininta ya hau, ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce a kai ta Doso a kwantar da ita har ta sauka. Mijinta da ƙanwarsa suka tafi da ita. Ni gwiwa ta hana ni zaman jinya, sai aka kawo mini yarinyar daga Tibiri da 'yar jakar kayanta da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya faɗi a mota.

Dole in faɗi wani abu game da ni da uwar yarinyar. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce, haka muka taras. Tun ranar da na haife ta ban taɓa buɗe baki na faɗi sunanta ba. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta sai in ce "waccan". Na yi boko, na koyar da Faransanci, na sa tabarau, amma wannan abu ban iya ajiye shi ba. Saboda haka in surukina ya bugo waya daga Doso, bayan ɗaki nake zagawa in ce, "Ya mai jiki?" Ya ba ni labari, in ce Allah ya ƙara sauƙi, in dawo in ci gaba da tankaɗe kamar mai gero ne ya kira. Tsoro kuwa yana cina. Na ga matan da hawan jini ya ɗauke a kan gwiwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Da rana yarinyar lafiya lau take, tana bin kaji, tana zuba mini ƙasa a randa. Da rana ta faɗi sai ta koma bakin ƙofar gida ta tsaya. Mota ta wuce ta leƙa, babur ya wuce ta leƙa. Tuwo sai na yi da gaske take cin loma uku. In mun kwanta idonta biyu, ba kuka, ba magana, sai juyi. Kwana biyu a haka har idanunta suka faɗa. Na ce a raina yarinyar nan in ba ta samu barci ba ciwo za ta kwanta, ga uwa a asibiti, ina zan sa kaina?

A dare na uku bayan lisha na ce, "Ƙawata, zo in yi miki gatana." Mu nan Arewa haka muke ce wa tatsuniya. Na ɗauko wadda na fi so, wadda kakata ta wajen Lugu take yi mana ni da yayata, kuma na zuba ta yadda na ji ta, ban rage ko kalma ba.

Ga yadda take a taƙaice. Wata jar akuya ce da ɗanta, bazara ta yi tsanani, mashaya ta ƙafe. Uwar ta ajiye ɗan a gindin gawo ta ce ya jira ta. Ta bi burtali, ta ratsa fako tana sassarfa, kawalwalniya tana yaudararta, har almuru ya riske ta a bakin wani kurmi na mutanen ɓoye. Ta shiga, ta sha ruwan da ba a sha sau biyu. Ɗan kuwa ya zauna gindin gawo har ya yi ƙaho. Shi ya sa har yau in almuru ya yi za ka ji awaki suna kuka, uwarsu suke kira.

Ban kai rabi ba ta tsayar da ni ya fi a ƙirga.

"Kaka, mi ne ne burtali?"

"Hanyar shanu."

"Mi ne ne fako?"

"Ke, saurara mana!"

"Kawal me?"

Kafin in bayyana kawalwalniya ta manta akwai akuya a cikin labarin. Na ƙarasa don kaina, ita kuwa tana wasa da bakin zanena. Da na rufe sai ta ce, "Kaka, Hausarki ba ta da daɗi." Ta juya mini baya, ta ci gaba da kallon bango.

Kai, abin ya sosa mini rai! Ni da mufattishai masu duba makarantu suke kawo sababbin malamai ajina su ga yadda ake yi? Da gari ya waye na ciro wani tsohon kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta, da jan biron bik irin wanda nake gyaran aikin yara da shi, na zauna a inuwar ɗaki na rubuta gatanar tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganinta a rubuce ba. Shafi uku ta ci.

Sai na yi mata abin da nake yi wa darasin karatu. Duk kalmar da yarinyar ta tsayar da ni a kanta na ja mata layi. Na ƙara da waɗanda ba ta tambaya ba amma na san ba ta sani ba, don yaro in ya gaji da tambaya shiru yake yi, kai kuma ka ɗauka ya gane. Kowace kalma na yi mata tambaya ɗaya: yarinyar nan ta taɓa ganin abin, ko ta taɓa jin an faɗe shi a tsakar gida? In ta san abin amma ba ta san sunan ba, sai in sa sunan da ta sani. Almuru ya koma "rana ta faɗi". Mashaya ta koma "rijiya". Sassarfa ta koma "tana sauri". Bazara na mai da ita "lokacin zafi, ba ruwa". In kuwa abin ne ma ba ta sani ba, sai in faɗi yadda ido ke ganinsa. Fako ya zama "ƙasa mai tauri, babu ciyawa". Kawalwalniya ta ba ni wahala, don ina son kalmar nan kamar me, baki yana jin daɗin faɗinta. Na goge na mayar, na goge na mayar. Ƙarshe na rubuta, "Ta ga wani abu yana walƙiya kamar ruwa. Ta je. Ba ruwa ba ne."

Burtali kaɗai na bari. A aji ma haka nake yi, ba a share wa yaro hanya tas, ana bar masa sabuwar kalma ɗaya ko biyu ya tafi da su, muddin za su dawo sau uku a wurin da ma'anarsu take a fili. Burtali kuwa akwai shi bayan unguwarmu, Fulani suna bi da shanu safe da yamma, zan iya nuna mata da yatsa.

Bayan kalmomi na koma kan jimloli. Kakata tana jan jimla ɗaya kamar igiyar guga, "da ta", "bayan da", "ko da", sai ka kusa shiɗewa kafin ta kai aya. Na yayyanka su, kowace jimla aiki ɗaya, wadda za a faɗa da numfashi ɗaya. Na cire "ta" da "ya" a wuraren da yaro zai rikice wa ake nufi, na mayar da "uwar" da "ɗan". Maganganun da aka lulluɓe kuma na kware su, tunda aikin ke nan. "Ta sha ruwan da ba a sha sau biyu" na rubuta a madadinsa, "Ta shiga daji. Ba ta fito ba." Na duba aikina na ji daɗi. Shafi uku ya koma ɗaya da rabi.

Na so in gwada a take, amma ba hali. An tashe mu a kan ba a gatana da rana, wai mai yi ɓacewa yake a daji. Ban yarda da wannan ba, na sha gaya wa 'yan ajina dabarar tsofaffi ce don kada yara su bar aiki. Duk da haka bakina ya ƙi. Sai na riƙa karantawa a zuci ina motsa leɓe kamar mai lazimi. Wato kowane gyara sai ya jira dare kafin in san ko ya yi, kuma in bai yi ba yarinyar ce za ta biya da barcinta.

Da yamma na kai ta ta ga burtali. Bayan lisha na fara. Wannan karon ko tari ba ta yi ba. Ta kafa mini ido, ta riƙe yatsana, tana bin akuya taki bayan taki. Ina faɗi ina yaba kaina. Na kai ƙarshe: uwar ta shiga daji, ba ta fito ba, ɗan ya jira har ya yi ƙaho.

Yarinyar ta ɗago kai. Sai ta ce, "Ta mutu?"

Na ce, "Haka gatanar take."

"Mama ma ruwa ta tafi nema?"

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. Jiya manyan kalmomi ne suka tsare ta, ba ta kai ga ƙarshen ba balle ya taɓa ta. Yau na share mata hanya da hannuna, na kai ta har bakin ramin. Na ɗauki labarin uwar da ta tafi ba ta dawo ba na ba yarinyar da uwarta ta tafi, kuma na tabbatar ta gane kowace kalma. Tsohuwar banza, ina hankalinki ya tafi? Abin da ya kamata in ce mata a fili yake, amma kunyar nan ta riƙe mini harshe. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kwanta, dare ya yi." Ta yi kuka mara sauti har ta jiƙe mini hannun riga.

Washegari na yi abin da malalacin ɗalibi yake yi. Na ja layi a kan jimla biyun ƙarshe na rubuta, "Sai uwar ta dawo. Suka yi murna." Da dare na karanto mata da fara'a har da tafi.

Ta dube ni kamar na sayar mata da ruɓaɓɓen mangwaro. "Ƙarya ne. Jiya kin ce ba ta fito ba."

"Yau ta fito."

"Ta ina? Wa ya fiddo ta? Ai dajin masu cin mutane ne."

Gaskiyarta ne, duk abin da ke cikin labarin tun daga farko yana tura akuyar nan zuwa ga halaka, ni kuma na zo a ƙarshe na liƙa mata dawowa kamar facin tsumma a sabon zane. Daren nan ma ba mu yi barcin kirki ba.

Ranar kasuwa yayata ta zo daga Matankari da ƙullin kuka da daddawa. Ta girme ni da shekara shida, ba ta yi boko ba, kuma har gobe kallon yarinya take yi mini. Ta tarar da ni da kaye a cinya, yarinyar kuma tana gyangyaɗi a zaune da rana tsaka.

"Mi kike rubutu kuma? Ba an sallame ki ba?"

Na gaya mata. Na zaci faɗa za ta yi, ta ce boko ya sa na raina maganar manya, har na shirya amsa. Sai ta ce in karanto mata tsohuwar, ta Kaka. Na ce rana ce. Ta ce, "Ke da Allah, a shekarunmu wane daji ya rage da za mu ɓace a ciki?" Na karanta ƙasa-ƙasa. Da na gama ta daɗe tana murza ƙullin kukar.

"Wagga kika yi wa ɗiyar mutane? Uwarta na kwance?"

"Ita na sani, Yaya. Haka Kaka take yin ta."

"Haka take yi miki dai. Ni da na fara jin ta, akuyar dawowa take yi. Har da ƙararrawa a wuyanta, ana jin ta tun daga nesa." Ta gyara zama. "Shekarar da Inna ta rasu kina da shekara uku. Kullum kina bakin ƙofa kina tambaya. Ba wanda ya iya gaya miki. Sai Kaka ta cire ƙararrawar, ta sa dajin nan, ta riƙa yi miki ita dare bayan dare har kika daina tsayuwa a ƙofa. Ni ina jinta, na san abin da take yi, ban ce komai ba."

Shekara sittin da wani abu ina ɗauke da gatanar nan ina taƙama da ita, na ɗauka haka ta faɗo daga sama. Ashe ɗinki ne aka yi daidai jikina. Na ji tausayin kaina, na ji tausayin tsohuwar nan da ta rasa ɗiya ta kuma zauna tana sassaƙa labari don jika. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Da na share ido na faɗi abin da ke cina tun farko. "Yaya, in na ce mata akuya ta dawo, waccan kuma Allah ya yi nasa ikon fa? Na zama maƙaryaciya a wurinta har abada."

Ta ce, "In ranar ta zo, kin san wadda za ki yi mata, tana nan cikin takardarki. Amma yau ɗiyarki da ranta, tana cin abinci, an ce jinin yana sauka. Don mi za ki yi wa yarinya ta'aziyyar mai rai?"

Ta tafi da la'asar. Abin da ta iya tunawa na tsohon zubin kaɗan ne, ƙararrawa da dawowa kawai, saura ya bi Kaka. Na buɗe sabon shafi, wannan karon daga ƙarshe na fara. Na tambayi kaina wane hoto nake so ya rage a idon yarinyar lokacin da za ta rufe shi. Na rubuta shi: ɗan akuya kwance a jikin uwarsa a gindin gawo, ya sha nono ya ƙoshi. Daga nan na riƙa ja da baya ina tambayar kowane abu ko yana kai mu can.

Dajin mutanen ɓoye ya fita gaba ɗaya. Wanda ya shiga can ba ya fitowa, ko yaro ya san haka, kuma dama uban yarinyar yana cikin samarin nan da ba sa son a yi wa 'ya'yansu zancen iskoki, na huta da rigimarsa. Amma in babu daji dole a samu dalilin da ya sa uwar ta daɗe, dalilin da yaro zai yarda da shi kuma ba zai tsorata ba. Na sa rijiyar da nisa, na sa ƙaya ta soke ta a ƙafa, wata tsohuwa mai kiwo ta cire mata, ta ce sai ta kwanta ta huta kafin ta iya tafiya. Ban sa asibiti ba, ban sa Doso ba. Yarinyar ba wawiya ba ce, za ta haɗa da kanta in tana so.

Ƙararrawar na kai ta can farko, a jimla ta uku, don kada ta faɗo a ƙarshe kamar baƙuwa. Uwar ta ce, "Zauna a gindin gawo. Ka ci 'ya'yansa. In ka ji kilin-kilin, ni ce." Gawo kuwa shi ne itacen da ke da ganye da 'ya'ya lokacin da sauran suka bushe, saboda haka ɗan yana da inuwa da abinci. Na ƙara masa wata tsohuwar tunkiya da ke kwana kusa da shi, don na lura a zubin farko abin da ya fi damun yarinyar har da zamansa shi kaɗai.

Tsakiyar na gina ta a kan zuwa uku, don yara suna son abin da za su iya cankar na gaba. Ɗan ya ji tafiya a burtali, kutub-kutub, ya leƙa, jaki ne. Ya tambaye shi, jaki ya ce, "Na gan ta, tana sauri." Ya ji tafiya, tinƙis-tinƙis, raƙumi ne, ya ce, "Na gan ta, ƙaya ta soke ta, tana hutawa." Kowane zuwa da jimla ɗaya da ba ta canzawa: "Ba kilin-kilin ba ne. Ɗan akuya ya koma ya kwanta." Na uku shi ne ƙararrawa. Ta haka burtali ya fito sau uku, kuma labarin uwar yana isowa tun kafin ita ta iso, ba a bar yaro cikin duhu ba.

Sai ƙarshen kansa. Gatanar dandali tana iya ƙarewa da dariya ko da tsalle, amma wadda ake so a yi barci a kanta sauka take yi a hankali. Na cire tafin da na sa shekaranjiya. Na gajarta jimlolin suna ƙara gajarta: "Uwar ta zo tana ɗingishi. Ta kawo ruwa. Ɗan ya sha. Ya sha nono. Ya kwanta a jikinta. Ƙararrawa ta yi shiru. Suka yi barci." Zancen kukan awaki da faɗuwar rana ban jefar ba, na juya shi: suna kuka ne don su ce wa iyayensu ga mu nan, iyayen kuma suna amsawa. Wannan gaskiya ne ma, duk mai awaki ya sani. Na mai da shi can tsakiya don kada wani bayani ya biyo bayan barcin.

Bayan lisha na ce, "Ƙawata, yau Kakar Matankari ta tuna mini yadda gatanar take tun asali. Ni ce na manta ƙararrawa." Ban so ta ɗauka ana canza labari duk yadda aka ga dama, kuma abin da na faɗa ba ƙarya ba ne. Ta ce, "To a yi mu gani," kamar wata alƙaliya.

A zuwan jaki ta kasa kunne. A zuwan raƙumi ta riga ni: "Ba kilin-kilin ba ne." Da na ce ɗan ya sake jin tafiya a burtali sai ta tashi zaune ta riƙe numfashi. Na yi ƙasa da murya na ce, "Kilin. Kilin-kilin." Ta saki ajiyar zuciya ta koma ta kwanta. Na ƙarasa a hankali.

A aji, in ina so in san ko labari ya shiga, ba na tambayar "kun gane?", don kowa e zai ce. Cewa nake a maimaita mini. Na ce ta yi mini ita. Ta yi ta tsaf, jaki, raƙumi, ƙaya, burtali a wurinsa, ta ƙare da "suka yi barci". Wuri ɗaya ta yi tuntuɓe, ɗingishi, ta ce "tana tafiya da ƙafa guda". Na riƙe a raina gobe in gyara.

Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "Kaka, shi ɗan akuya ana ba shi labarin uwarsa."

"Ana ba shi."

"Ni ba a ba ni. Ke ba ki maganar Mama. Kakan Tibiri ma da ya mutu an daina maganarsa."

Ashe abin da ke tsaye da ita a bakin ƙofa ke nan. Ba tafiyar uwar kaɗai ba ce, shirun da nake yi ne. Ni ina kunyar ɗiyar fari, ita tana karanta mutuwa a fuskata. Na gyara kalmomi, na gyara jimloli, na gyara ƙarshe, amma raƙumin da zai kawo mata labari ni ce, kuma kwana shida ina zagawa bayan ɗaki.

Na ce, "Mamarki tana Doso. Ƙafarta ta kumbura, likita ya ce ta kwanta ta huta. Yau ta ci tuwo da miyar kuɓewa, babanki ya gaya mini. In ta haihu ta warke za ta zo, in Allah ya yarda."

"Kin san ta?"

"Ni na haife ta."

"To mi ne ne sunanta?"

Na duba ƙofa, ba kowa sai kaji a akurki. Na faɗi sunan. Sunan da aka raɗa mata ina ɗaki ina sunkuyar da kai, shekara talatin da biyu ban taɓa jin sa da muryata ba. Yarinyar ta ce, "E, ita ce." Ta sa kai a cinyata. Kafin in gama jan mayafi ta yi barci, har da minshari. Ni ce na daɗe zaune.

Daga ranar duk wayar da aka bugo a gabanta nake ɗauka, in ba ta ta ji muryar uwar. Gatanar kuwa kullum sai an yi, kuma ba ta yarda a canza ko kalma ba. Ɗingishin ma da na zo gyarawa ta ce in mayar, ta riga ta iya shi.

Bayan sati biyar aka sallamo su, an yi mata aiki, an samu namiji. Motar ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Ɗiyata ta fito a hankali tana dafe da ciki, ta rame, yarinyar ta ruga ta ƙanƙame ƙafarta. Ni ina tsaye a bakin ɗakin girki da ludayi a hannu, na ce, "Kun iso? Sannunku da hanya," kamar daga kasuwa suka dawo.

Sai yarinyar ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, a gaban surukina da ƙanwarsa da direba, "Mama, Kaka ta san sunanki. Ta faɗa mini da bakinta."

Ɗiyata ta dube ni. Idonta ya cika, nawa ma haka. Na ajiye ludayin na karɓi jaririn daga hannun ƙanwar mijin, na ce wane mara hankali ne ya fito da ɗan kwana goma cikin iskar mota babu hula.